Abin da Mai Tace Labari Zai Duba Kafin Ya Saki Labari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da komawa teburin tace labarai ba a gidan jaridar da nake aiki. Gyaran Hausa ba ya ba ni wahala, amma kwanan nan an kira ana ƙorafin mun yi kuskuren rubuta suna, an kuma ce mun ba wani muƙamin da ba nasa ba. Me da me ya kamata in riƙa dubawa, kuma da wanne zan fara in lokaci ya ƙure?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara da raba aikin gida biyu. Karatun farko na fahimtar labari ne da gyaran harshe. Karatu na biyu kuwa ba ruwanki da daɗin jimla: ki ja layi ƙarƙashin kowane suna, kowane muƙami, kowace lamba da kowane kwanan wata, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina tambayar daga ina wannan ya fito. Dalilin rabawar shi ne, idon da yake bin labari yana tsallake abin da ya riga ya sani. In kin ga sunan da kika saba gani, ƙwaƙwalwarki za ta cike shi tun kafin ki karanta haruffansa. Kuma ba a tabbatar da abu daga cikin labarin kansa. Sunan da wakili ya rubuta sau biyar iri ɗaya, yana iya zama kuskure ɗaya ne ya maimaita sau biyar. Sai kin koma takardar sanarwar, ko muryar da aka naɗa, ko shafin hukumar, ko ki ɗaga waya ki kira wakilin.

In lokaci ya ƙure, suna ne farko. Mutum yana iya yafe miki kuskuren nahawu, amma ba ya mance jaridar da ta jingina masa maganar da wani ya faɗa.

Matsalarmu da sunaye a Arewa ita ce sunayen kaɗan ne, masu su da yawa. Ki duba gwamnonin da aka rantsar a 2015. Jigawa tana da Muhammad Badaru Abubakar, Bauchi tana da Mohammed Abdullahi Abubakar, Neja tana da Abubakar Sani Bello, Kebbi kuma Abubakar Atiku Bagudu. Ga kuma Atiku Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, duk suna cikin labarai a lokaci guda. Jaridun Turanci sukan kawo cikakken suna sau ɗaya, daga nan sai su ci gaba da sunan ƙarshe kaɗai. Wanda ya fassara irin wannan labari a gurguje zai rubuta "Abubakar ya ce", mai karatu Bahaushe kuma ya rasa wane ne. Mu ba haka muke kiran mutane ba. Badaru muke cewa, Bagudu muke cewa, Atiku muke cewa. Saboda haka ambaton farko ya zo da cikakken suna da muƙami, ambato na biyu kuma ya zo da sunan da jama'a suka san mutumin da shi, a kuma tsaya a kansa har ƙarshen labari.

Wannan ɗabi'a ta sunan ƙarshe tana haifar da wani kuskuren da ya fi muni a Hausa, domin harshenmu ba ya barin ki ɓoye jinsi. Dole ki ce "ya ce" ko "ta ce". Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, Amina J. Mohammed kuma ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Mai fassarar da ya ɗauki labarin daga tsakiya, ya ga Ahmed ko Mohammed tsirara, sai ya rubuta "ya bayyana". Duk lokacin da kika haɗu da kwamishina, ko kakakin wata hukuma, ko alƙali, musamman mai sunan Kudu ko na wata ƙasa da ba ki san jinsin mai shi ba, ki tsaya ki tabbatar. Sannan ki bi labarin har ƙasa, domin sau da yawa sakin layi na farko yana cewa "ta", na shida kuma ya koma "ya".

Game da rubutun suna, ƙa'idar da nake bi ita ce mai suna ya fi kowa iko da sunansa. Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mahamadou asalinsu ɗaya, amma mutum huɗu ne daban a takarda. Tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ne, wanda ya gaje shi kuma Mohamed Bazoum, da harafin m guda ɗaya a tsakiya. Kada ki mayar da su Muhammadu don kawai haka kika saba. Inda majiyoyi masu ƙarfi suka saɓa, kamar sunan janar ɗin da ya karɓi mulki a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda wasu ke rubutawa Tiani wasu Tchiani, sai gidanku ya zaɓi ɗaya ya rubuta shi a takardar tsarin rubutu, kowa ya bi.

Muƙami kuma abu ne mai motsi, shi ya sa ba a dogara da tsohon labari wajen tabbatar da shi. Tambayoyi biyu nake yi: har yanzu shi ne a kujerar? Kuma a lokacin da abin ya faru, shi ne a kai? Zaɓaɓɓen gwamna ba gwamna ba ne sai an rantsar da shi. Muƙaddashi daban, mataimaki daban: mataimaki kujerarsa ce, muƙaddashi riƙo yake yi. Ƙaramin minista ba minista ba ne, kuma in kika ɗaga shi, ofishin babban ne zai fara kiranki. Babban Hafsan Tsaro daban yake da Babban Hafsan Sojin Ƙasa. Birgediya Janar, Manjo Janar, Laftanar Janar da cikakken Janar matakai huɗu ne, kuma soja ba ya wasa da igiyarsa. Haka ɗan majalisa: ki faɗi ta jiha ce, ko ta wakilai mai kujeru 360, ko ta dattawa mai 109.

Sarauta ta fi duk waɗannan buƙatar ladabi da sani. Sarkin da ke zaune a Zariya Sarkin Zazzau ne. Wanda ke Birnin Kebbi Sarkin Gwandu ne. Borno Shehu gare ta, Adamawa Lamiɗo, Bida kuma Etsu Nupe. Sarautu irin su Waziri, Galadima, Madaki da Ciroma ba su cika sai an faɗi ta wace masarauta ce, domin kusan kowace fada tana da nata. Kuma ana ɗaga mutum daga wata sarauta zuwa wata: Atiku ya daɗe yana Turakin Adamawa kafin a ba shi Waziri, don haka tsohon labari zai ba ki tsohuwar sarauta. Inda ake taƙaddama a kan kujera, kamar yadda aka shiga a Kano bayan mayar da Muhammadu Sanusi II a watan Mayun 2024 alhali Aminu Ado Bayero bai sauka daga da'awarsa ba, to kalmar da kika zaɓa tana iya zama ɗaukar ɓangare. Wannan ba hukuncin mai tacewa shi kaɗai ba ne. Ki kai wa edita, a tsayar da lafazi ɗaya, a riƙa amfani da shi a kowane labari. Laƙabin Dakta, Farfesa, Injiniya ko Barista kuwa, kada ki ƙara wa kowa don girmamawa, kada kuma ki cire wa wanda ya mallaka.

Bari in nuna miki yadda karatu na biyu yake tafiya da labari na gaske. A ce ranar da Muhammadu Buhari ya rasu an turo miki wannan sakin layi:

"Tsohon shugaban ƙasa Janar Muhammadu Buhari ya rasu jiya a London yana da shekara 83. Marigayin, wanda aka haifa a Daura ta jihar Katsina a 1942, ya yi mulkin soja na shekara biyu daga 1983 zuwa 1985, ya kuma taɓa zama ministan man fetur. Ya ci zaɓe a 2015 bayan ya tsaya takara sau huɗu bai yi nasara ba."

Hausar ba ta da laifi, kuma wanda ke sauri zai sake shi. Amma ki bi layukan da kika ja. Shekara 83 ta fito ne daga ɗebe 1942 daga 2025, lissafin da kowa ke yi a ka. An haife shi ranar 17 ga Disamba 1942, ya rasu ranar Lahadi 13 ga Yuli 2025, wato saura wata biyar ya cika 83. Shekararsa 82. Ƙa'idar ba ta da wuya: ki ɗebe shekara daga shekara, in ranar haihuwa ba ta zagayo ba ki rage ɗaya. Irin wannan tarkon ne a labarin rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero, wanda aka haifa a Yulin 1930 ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014: yana da 83, ba 84 ba.

Sai mulkin soja. Daga 1983 zuwa 1985 ido yana ganin shekara biyu, amma juyin mulkin ranar 31 ga Disamba 1983 aka yi shi, ranar ƙarshe ta shekarar, aka kuma hamɓarar da shi ranar 27 ga Agusta 1985. Wata ashirin ke nan, shekara ɗaya da wata takwas. Muƙaminsa na soja Manjo Janar ne, don haka a ambaton farko ki ba shi cikakke, ko da daga baya za ki taƙaita. Kujerar man fetur da ya riƙe zamanin mulkin Obasanjo na soja, a lokacin kwamishinan tarayya ake kiran mai ita, sai ki rubuta haka, ki ƙara da cewa daidai take da minista a yau. Jihar Katsina kuma sai 1987 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar jihar Kaduna, saboda haka "Daura da ke jihar Katsina a yanzu" ya fi daidai. Takara: ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya ci a 2015. Sau uku ya faɗi, ya yi nasara a karo na huɗu. Kalmar "jiya" ma sai ta tafi, a sa "ranar Lahadi", domin labarin da ke intanet ana karanta shi bayan mako ko bayan shekara. Jimla uku, gyara bakwai, kuma babu ɗaya da ya buƙaci fiye da kalanda da lissafi da majiya mai kyau.

Ƙarin abu ɗaya a kan shekaru. Dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, iyalai kuma wani lokaci da shekarar Hijira suke ƙirga. Shekarar Hijira ta gaza ta boko da kimanin kwana 11, wato duk shekara 33 ana samun rarar shekara guda. Wanda ya cika 66 a lissafin boko ya kai 68 a na Hijira. In ɗan mamaci ya ce mahaifinsa ya rasu yana da 90, takardar aiki kuma ta nuna 87, mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya. Ki jingina adadin ga wanda ya faɗa: "iyalansa sun ce ya rasu yana da shekara 90". Shekarun wanda ake zargi ko wanda aka yi wa laifi kuwa ki ninka kulawa a kansu, domin tsakanin 17 da 18 akwai bambancin ko ya halatta a fito da sunansa da hotonsa.

Alƙaluma su ne inda na fi son ki ɓata lokaci. Duk inda aka ba da jimilla aka kuma rarraba ta, ki haɗa da kanki. A ce labarin hatsarin mota ya ce mutum 12 sun mutu, can ƙasa kuma ya ce maza biyar, mata huɗu da yara biyu. Goma sha ɗaya ke nan. Kada ki gyara 12 ta koma 11, kada kuma ki ƙara yaro ɗaya don lissafi ya tashi. Ki kira wakili. Wataƙila direban ne ba a sa a rabon ba, wataƙila wani ya cika a asibiti daga baya, wataƙila kuma adadin farko na ganau ne, na biyu na jami'an kiyaye haɗurra. In majiyoyi biyu sun saɓa, kowace a ba ta adadinta da sunanta: 'yan sanda sun ce kaza, mazauna garin sun ce kaza. Kan labari kuma ya ɗauki adadin da aka tabbatar, da "aƙalla" a gabansa in ana jin zai ƙaru. Ki kuma lura da abin da lambar take ƙirgawa. A Chibok 'yan mata 276 aka sace, 57 suka kuɓuta tun a farko, saura 219. Duk lambobin ukun gaskiya ne, amma kowace tana amsa tambaya daban, kuma an sha musanya su.

Kuɗi ma haka. Miliyan, biliyan da tiriliyan harafi kaɗan ne ya raba su, amma kowanne ya ninka na baya sau dubu. Ki tambayi kanki ko adadin ya yi kama da hankali: rijiyar burtsatse ta naira biliyan 5, ko kasafin jiha na naira miliyan 300, duk alamar sifili uku sun ɓata ne ko sun ƙaru. Sannan ki san matakin da kuɗin yake. Kasafin Najeriya na 2024, naira tiriliyan 27.5 Shugaba Tinubu ya gabatar wa majalisa a watan Nuwamban 2023, wanda ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 2024 kuma tiriliyan 28.7 ne. Abin da aka gabatar, abin da aka amince da shi, abin da aka saki da abin da aka kashe, huɗu ne daban.

Kaso kuwa kada ki yarda da shi sai kin buga a kalkuleta. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ƙarin 40,000 ne. Ki raba 40,000 da 30,000, wato da tsohon adadi, za ki samu ƙarin kashi 133 cikin 100. Wanda ya raba da sabon adadi zai samu 57, ya buga kuskure. Ga mai karatu ma, "ya ninka har da ɗoriya" tare da lambobin biyu ya fi saurin shiga kai.

Akwai tarko biyu da suka keɓanta da mu. Na farko, lambar da aka faɗa da baki. "Dubu ɗari da hamsin" tana iya zama 150,000, tana iya zama 100,050. In daga murya wakili ya kwafo, ki sa ya tabbatar, ke kuma ki rubuta da alƙaluma. Na biyu, labarin da ya fito daga Nijar. A kasuwa can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Ɗan kasuwar Maraɗi in ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Takardunsu na Faransanci kuma waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, don haka 2,5 biyu da rabi ne. Miliyar ɗinsu kuma ita ce biliyan ɗinmu.

Kwanan wata: kullum ki haɗa rana da kwananta a kalanda. In labari ya ce Talata 14 ga wata, kalanda kuma ta ce 14 Laraba ce, ɗaya daga ciki kuskure ne, kuma ba ki san wanne ba sai kin tambaya. Ki yi hattara da ranar da aka sa da ranar da aka yi: zaɓen gwamnoni na 2023 an tsara shi ranar 11 ga Maris, aka ɗage zuwa 18, kuma tsofaffin labarai masu ɗauke da 11 suna nan. Dare ma yana rikita mu. A lissafin Musulunci rana daga magariba take farawa, shi ya sa Bahaushe da yawa in sun ji "daren Juma'a" suna fahimtar daren Alhamis wayewar Juma'a, alhali majiyar Turanci Juma'a bayan faɗuwar rana take nufi. Ki rubuta yadda ba mai ruɗewa. Satar 'yan matan Chibok, misali, a daren Litinin 14 ga Afrilu 2014 wayewar garin Talata aka yi ta. Kwanan watan Musulunci kuma kada ki ɗauko shi daga manhajar waya. A Najeriya sanarwar fadar Sarkin Musulmi ake bi, kuma tana iya bambanta da ta Saudiyya ko ta Nijar da kwana guda.

Daidaito shi ne na ƙarshe, kuma da na'ura ake yinsa. Ki danna Ctrl+F, ki nemi kowane suna, ki ga ko rubutunsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Sakkwato ko Sokoto, Zariya ko Zaria, Yamai ko Niamey, gidanku ya zaɓa, amma kada biyun su haɗu a labari ɗaya. Neja jiha ce, Nijar ƙasa. Nasarawa akwai jiha, akwai kuma ƙaramar hukuma a cikin 44 na Kano, sai a fayyace. Haruffa masu lanƙwasa kuma ko dai a sa su ko'ina, ko a san an bar su, ba Ɗangote a sama Dangote a ƙasa ba.

Bayan kin gama da gangar jikin labari, ki koma kan abubuwan da aka rubuta a ƙarshe cikin gaggawa: kan labari, rubutun ƙasan hoto, da 'yar taƙaitawar da za a sa a shafukan sada zumunta. Sau da yawa wani ne daban ya rubuta su, ko an rubuta su kafin a sabunta adadi, sai ciki ya ce 15 kai yana nan a 12. Hoto kuma ki ƙirga kawunan da ke ciki, ki ƙirga sunayen da ke ƙasa, ki tabbatar daga hagu aka fara ko daga dama. In hoton daga ma'ajiya aka ɗauko shi, a rubuta cewa tsohon hoto ne, da shekarar da aka ɗauke shi.

Waɗanda suka kira suna ƙorafi kuwa, in an tabbatar da gaskiyarsu, a gyara labarin, a rubuta a ƙasansa abin da aka gyara da ranar da aka gyara. Sannan ki sa daidaitaccen sunan da muƙamin a takardar tsarin rubutunku, tare da ranar da kika tabbatar da su, ki kuma nemo tsofaffin labaranku da ke ɗauke da kuskuren ki gyara su, domin daga can wakili na gaba zai kwafo.